Dattijona yana canza fuska daga guntun bidiyo zuwa guntu, ina mafita?

Bello_Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa ɗan gajeren labari na yara da manhajar ƙirƙirar bidiyo, wanda bai kai minti ɗaya ba. Wani dattijo ne Bagobiri zaune a zaure yana ba jikanyarsa labari. Na raba shi guntu shida, kowane daƙiƙa 5. A guntu na farko komai ya fito yadda nake so: baƙin dattijo siriri, farin gemu, shuɗiyar riga, hula mai aiki, tsage a kumatu, zauren laka da ƙofa a hagu. A na biyu sai ga shi ya yi ƙiba, hular ta koma rawani irin na Indiyawa. A na huɗu fatarsa ta yi haske, zauren ya samu taga da labule. Alhali bayanin da nake rubutawa iri ɗaya ne, kwafa nake ina mannawa, abin da yake yi kawai nake canzawa. Me ke jawo haka, kuma yaya masu yi suke riƙe mutum ɗaya har ƙarshe?

Ɗan_Kware:
Wa alaikumus salam. Abin nan mai sauƙi na. Nemi wurin da anka rubuta `seed`, ka kwafe lambar da ta ba ka guntun farko, ka sa ta ga sauran dut. Shi ke nan, mutum guda za ka ta samu.

Bello_Mabera:
Na duba, wadda nake amfani da ita a waya ba ta ma nuna wannan wurin.

Injiniya_Sanusi:
Wa alaikumus salam Malam Bello. Ko da ta nuna, lambar ba za ta yi maka abin da Ɗan_Kware ya ce ba, ko da yake akwai gaskiya a maganarsa.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne injin ba ya tuna guntun da ya yi maka ɗazu. Duk lokacin da ka danna, daga farko yake somawa. Yana farawa ne da tarin ɗige-ɗige marasa fasali, irin yashin nan da tsohuwar talabijin ke nunawa idan babu tasha, sai ya riƙa share su mataki-mataki har hoto ya fito, bayaninka yana yi masa jagora. Lambar `seed` ita ce ke zaɓar wane yashi za a fara da shi. Idan lambar ɗaya ce, bayanin ɗaya ne kalma da kalma, girman hoto ɗaya, injin ma bai canza ba, to za ka samu abu ɗaya ko kusa da haka. Amma kai ba guntu ɗaya kake so sau shida ba. Da ka canza "yana zaune" zuwa "yana miƙewa", jagorar ta canza, kuma yashin nan ɗaya zai iya haifar da wata fuska dabam.

Sannan shi bayanin, duk tsawonsa, ba mutum ɗaya yake siffantawa ba. Baƙin dattijo siriri mai farin gemu da shuɗiyar riga: tsaya ƙofar Masallacin Shehu ranar Juma'a ka ga mutum nawa wannan siffa ta dace da su. Faɗin goshi, tsawon hanci, nisan da ke tsakanin idanu, ba ka rubuta su ba, ba kuwa za su rubutu ba. Duk abin da ka bari a buɗe, injin zai cike shi da abin da ya ga dama, kuma kowane karo da irin cikon da zai yi.

Ɗan_Kware:
To amma Injiniya ni na gwada, kuma sun yi kama.

Injiniya_Sanusi:
Za su yi kama idan canjin da ka yi ƙarami ne kuma kyamara na wuri ɗaya. Matsar da ita gefe ko ka fitar da mutumin waje ka gani.

Maman_Hibba:
Ni ma haka nake fama wallahi. Ina yin bidiyon turaren wuta da humra, a wayata fes, da na ɗora a sitatus sai fuskata ta dushe kamar ba ni ba. Wace manhaja ce ke gyara wannan?

Zee_Arkilla:
Anti naki daban ne, naki matse bidiyon ake yi lokacin ɗorawa don ya rage nauyi. Shi Bello mutumin ne ɗungurungum ake sauya masa da wani.

Maman_Hibba:
Au, to Allah ya kyauta. Ina nan dai ina karatu.

Zee_Arkilla:
Bello, game da rawanin Indiyawa da fatar da ta yi haske, wannan wani ciwon ne na daban da ke damun mu musamman. Hotunan da aka horar da waɗannan injinan da su, namu kaɗan ne a ciki. Idan ka rubuta dattijo Musulmi da hula da doguwar riga, abin da ya fi sani shi ne Balarabe ko mutumin Indiya da Pakistan, sai ya riƙa zamewa can. Zaure ma haka, bai san ɗaki ne mai ƙofa biyu da ba kasafai ake yi masa taga ba, shi ya sa ya ƙara maka taga har da labule don ya kyautata maka. Guntunka na farko sa'a ka taka. Ni na daina dogara da rubutu gaba ɗaya a kan tufafinmu, hoto nake ba shi.

Bello_Mabera:
Hoto kamar yaya Yaya Zee? Dattijon ai babu shi a duniya, injin ne ya ƙirƙiro shi.

Zee_Arkilla:
Yanzu ai akwai shi, yana cikin guntunka na farko. Ka tsayar da bidiyon a inda fuskarsa ta fi fitowa sosai, yana kallon gaba, baki a rufe, ka fitar da wannan hoton. Shi ne asalinka, ka adana shi wuri biyu. Daga nan ka koma manhajar gyaran hoto irin waɗanda ake ba su hoto a ce su canza abu ɗaya su bar sauran, kamar Nano Banana na Google ko Flux Kontext. Ka sa ta fitar maka da shi ta gefen dama, ta gefen hagu, da tsayuwarsa gaba ɗaya tun daga hula har takalmi, a gaban farin bango. Wanda bai yi kama ba ka jefar ka sake. Haka za ka yi wa yarinyar. Haka za ka yi wa zauren, ka sa a cire mutanen a bar maka shi fayau.

Sai kuma kowane guntu cikin shidan nan ka fara haɗa shi a matsayin hoto tsayayye tukuna. Na uku misali, inda yarinyar ke miƙa masa ƙwaryar fura: ka ba ta hoton dattijo, hoton yarinya, hoton zaure, ka ce ta haɗa. Ka ajiye shi kusa da asalin ka duba gemu, hula, wuyan riga, inda ƙofa take. Sai ya gamsar da kai sannan ka kai shi `Image to Video`. Hoto ya fi bidiyo arha nesa ba kusa ba, gara ka ɓata hoto goma da ka ɓata bidiyo biyu.

Kuma idan ka zo wurin bidiyon kada ka sake siffanta shi. Motsi kawai za ka rubuta, kamar haka:

```
The old man slowly takes the bowl and nods. Static camera.
```

Idan ka sake rubuta farin gemu da shuɗiyar riga da sauransu, rubutun zai riƙa jayayya da hoton, wani lokaci kuma rubutun ke yin nasara.

Abu_Gidan_Igwai:
Wannan aiki ya yi yawa Hajiya. Akwai gajeriyar hanya. Ka ɗauki hoton ƙarshe na guntu na ɗaya ka sa shi ya zama farkon na biyu, ƙarshen na biyu ya zama farkon na uku, haka har ka gama. Ba yankewa, ba canji. Mai kwamfuta ga yadda zai ciro hoton ƙarshe:

```
ffmpeg -sseof -1 -i guntu1.mp4 -update 1 karshe1.png
```

Mai waya kuma ya je ƙarshen bidiyon a manhajar da ke iya ciro hoto daga bidiyo ya fitar da hoton.

Injiniya_Sanusi:
Abu, hanyar tana aiki, amma sau ɗaya ko biyu. Matsalarta ita ce kuskure yana taruwa. A cikin daƙiƙa 5 ɗin nan, idan hoto 24 ne a kowace daƙiƙa, hoto 120 injin ya zana, kuma na ƙarshen ya riga ya ɗan kauce daga na farkon: hanci ya ɗan faɗaɗa, gemu ya ɗan cika, launi ya ɗan ƙara kauri. Ga kuma matsewar da aka yi wa bidiyon, wadda ke cinye ƙananan bayanai. Sai ka ɗauki wannan da ya kauce ka ce shi ne gaskiya. Na biyu ya ɗora nasa kaucewar a kai. Ido ba ya kama bambancin tsakanin na ɗaya da na biyu, amma ajiye farkon na ɗaya kusa da ƙarshen na biyar ka sha mamaki.

Alamomin da za ka gane ta fara lalacewa: fata ta yi sumul kamar an shafe ta da mai, shuɗin riga ya yi kauri fiye da kima, wurare masu duhu su ƙara duhu, aikin hula ya narke ya zama dabbare-dabbare.

Akwai wata kuma. Idan guntun ya ƙare dattijon ya sunkuya ko ya juya baya, hoton ƙarshen ba shi da fuska. Da ya ɗago a guntu na gaba, sabuwar fuska za a ƙera masa, don babu inda za a ga tsohuwar. Shi ya sa hanyar Zee ta fi, kowane guntu daga asali yake tasowa, ba daga wanda ya gabace shi ba.

Abu_Gidan_Igwai:
Na yarda da maganar juya baya. Amma ni ban ga laifin sarƙa ba in motsi ɗaya ne ya fi ƙarfin daƙiƙa 10, misali mutum na tafiya daga ƙofa zuwa tabarma. Ta yaya za ka yi wannan daga asali?

Injiniya_Sanusi:
A nan sai ka nemi wadda ke karɓar hoton farko da na ƙarshe, Kling na da wannan, wasu ma suna da shi. Ka haɗa hoton yana bakin ƙofa, da na yana tsakiyar zaure, da na yana kan tabarma, duka daga asali. Guntu ɗaya daga ƙofa zuwa tsakiya, na biyu daga tsakiya zuwa tabarma. Tunda an ɗaure kowanne gaba da baya, ba shi da filin yawo sosai. Sai dai idan hotunan biyu sun yi nisa da juna, tsakiyar za ta riƙa narkewa.

Sarkin_Kyamara:
Ku yara kuna ba ni dariya. Mu da munka yi aikin fim tun zamanin kaset, wanga ciwo mun san shi. Ana ɗaukar fitowa guda yau, a ƙarasa ta bayan sati biyu, jarumi ya dawo ya yi aski, ko an manta wace hula yas sa. Shi ya sa akwai mutum guda wanda aikinai kawai shi riƙe littahi shi rubuta: agogo hannun hagu, ƙwarya rabi, ƙofa buɗe. Bello ka samu takarda ka rubuta naka. Ƙofa hagu, haske daga ƙofa yake shigowa, dattijo dama yana kallon hagu, yarinya hagu tana kallon dama. Kar ka ƙetara da kyamara bayansu, in ka ƙetara za su musanya wuri ga idon mai kallo, kuma injin naku bai taɓa ganin wancan bango ba, ƙirƙiro shi za ya yi.

Kuma wa ya ce maka dole a ga fuskar tsoho cikin guntu shida dut? Ka nuna hannunai yana karɓar ƙwarya. Ka nuna fuskar ɗiyar tana saurare, muryatai na tafiya bisa. Ka nuna ƙofar zaure da akuya na wucewa. Fuskar ta fito sau ukku, ka rage wahalarka da rabi, kuma fim ɗin ya fi daɗin kallo.

Zee_Arkilla:
Baba wannan shawarar ta fi duk abin da muka faɗa arha.

Sarkin_Kyamara:
Da za ku ji tawa ma, tsohon gaske za ku samu cikin gari ku ba shi na goro ku ɗauka da waya. Amma na san ba ku ji.

Ummu_Sultan:
Tunda an zo nan bari in yi tambaya. Ni kakana nake so in sa a irin wannan, Allah ya jiƙansa, muna da hotonsa guda ɗaya na fasfo. Zai yiwu?

Injiniya_Sanusi:
Allah ya gafarta masa. Hoton fasfo gaba kawai yake nunawa, don haka muddin yana kallon kyamara da ɗan motsi kaɗan zai riƙe kama. Da ya juya kai, gefen fuskar da kunnen zato ne, ku da kuka san shi za ku ga ba shi ba ne. Sannan Hajiya ki fara shawara da manyan gida, ba kowa zai so ya ga mamaci yana motsi yana faɗin abin da bai faɗa ba.

Malam_Nasiru_Wurno:
Wannan gaskiya ne. Mai rai ma sai da izininsa, balle wanda ba ya nan ya ce a'a. Ni dai ban natsu da shi ba.

Ummu_Sultan:
Na ji, zan tambayi mahaifiyata tukuna.

Bello_Mabera:
Jama'a na gode ƙwarai. Na bi hanyar Yaya Zee a guntu na biyu da na uku. Fuskar ta zauna, rigar ta zauna, zauren ma babu taga. Abu biyu suka rage. Tsagen kumatunsa: idan kyamara na kusa suna nan, ko da yake yawansu na canzawa, idan kuma an nuno shi gaba ɗaya sai su ɓace ko su koma tamoji. Aikin hular ma kowane guntu da irin zanensa.

Bagobirin_Asali:
Injin da bai iya ƙirga tsagen Bagobiri ai bai gama karatu ba. A kawo shi Sabon Birni mu koya mai.

Injiniya_Sanusi:
Wannan iyakar injin ce Malam Bello, ba laifin hanyar ba. Mu yi lissafi. Bidiyonka na tsaye, a ce 720 a faɗi, 1280 a tsawo. Idan dattijon ya fito gaba ɗaya, fuskarsa ba za ta wuce ɗigo 100 zuwa 150 a tsawo ba, kowane layin tsage kuwa ɗigo ɗaya ne ko biyu a kauri. Sannan injinan da aka san cikinsu, irin Wan 2.1, ba a kan cikakken hoton suke aiki ba, sai sun matse shi sau 8 a faɗi sau 8 a tsawo. Fuskar mai ɗigo 120 ta koma gida 15 ke nan. Ina layuka siri-siri a jere za su zauna daram a ciki? Abin da ya fi kama da su a cikin abin da ya saba gani shi ne tamojin tsufa, sai ya mayar da su haka.

Hular kuma ka sauƙaƙa wa kanka. Ka koma asalin ka sa a canza ta zuwa farar hula marar aiki, ko jar dara, sannan ka sake fitar da sauran hotunan daga nan. Abu mai launi ɗaya da siffa babba yana zama, ƙananan zane ba sa zama. Haka atamfar yarinyar, in mai fure-fure ce ka mayar da ita yadi launi ɗaya.

Bello_Mabera:
Hular zan iya haƙura. Tsagen kuwa labarin a kansu yake, yarinyar tambayarsa take me ya sa fuskarsa ke da zane tata babu.

Zee_Arkilla:
To ka ba su guntu ɗaya nasu na kansu, kusa sosai, kumatu ya cika allo, motsi kaɗan, daƙiƙa 3 ma ta isa. Ka gyara hoton da hannu kafin ka motsa shi har yawan layukan ya yi daidai. A sauran ka zaunar da shi yadda haske daga ƙofa zai bar kumatun cikin inuwa. Mai kallo ya riga ya gani sau ɗaya, zai cike sauran da kansa.

Ɗan_Kware:
Ko ko ka horar da LoRA, wato ɗan ƙarin horo da ake yi ma injin kan mutum guda, ka huta. Hoto 20 zuwa 30 na tsohon, injin ya haddace shi, ko ina ka kira shi ya zo.

Abu_Gidan_Igwai:
Da wace kwamfutar? Mutumin da waya yake aiki. Wannan sai mai katin hoto babba ko ka yi hayar na intanet da dala, kuma a kan buɗaɗɗun injina irin Wan da Flux ake yi, ba a cikin manhajar da yake amfani da ita ba. A kan bidiyon daƙiƙa 30?

Injiniya_Sanusi:
Idan zai yi silsila mai kashi da yawa da dattijon nan, maganar Ɗan_Kware abin dubawa ce, don tana riƙe fuska fiye da hoto ɗaya. Amma ina zai samo hoto 20 masu tsage iri ɗaya? Daga injin da ke canza yawansu zai fitar da su, sai ya gyara kowanne da hannu, in ba haka ba ruɗanin zai koya masa. Kuma lissafin ɗigon nan bai canza ba, daga nesa za su ci gaba da dushewa.

Ɗan_Kware:
Ni dai na ga wanda yay yi da mai zanen jiki kuma ya zauna.

Zee_Arkilla:
Babban zane a dantse daban, siraran layuka a kumatun da ke motsi idan ana magana daban.

Sarkin_Kyamara:
Ba wanda yat taɓo murya. Bello, da bakin wa tsohon ka magana?

Bello_Mabera:
Baba ita ma tana canzawa. Na gwada wadda ke fitar da sauti tare da bidiyo, guntu ɗaya murya mai kauri, na gaba kamar saurayi, Hausar ma ba ta fita.

Injiniya_Sanusi:
Dalili ɗaya ne da na fuska, kowane guntu sabuwar murya ake zaɓa. Ka kashe sautin injin. Ka samu dattijo ya karanta maka duka maganar a zama ɗaya, a ɗaki ɗaya, ka ɗora a CapCut. A nan ma za ka daidaita launin guntayen, ka ɗauki ɗaya a matsayin ma'auni ka ja haske da ɗumin sauran su zo kusa da shi. Inda bakinsa ke bayyane ne kawai za ka buƙaci manhajar daidaita leɓe da magana, kuma ita ma tana sake zana ƙasan fuska, don haka ka duba tsagen bayan ta gama.

Maman_Hibba:
Ni dai har yanzu ba wanda ya faɗa mini yadda zan hana nawa dushewa a sitatus.

Abu_Gidan_Igwai:
Anti zan turo miki ta gefe. Bello, kai kuma hotunan asalin nan in za ka tura wa wani ta WhatsApp ka tura su a matsayin `Document`, kar ka tura kai tsaye, kuma kar ka yi aiki da hoton allo da ka ɗauka da waya. Yawun bakin da muka ɓata a kan tsage zai tafi a banza in an matse su tun a hanya.

Bello_Mabera:
An gama. Na canza hular zuwa fara, zan sake na huɗu da na biyar yau da dare in wuta ta zo. Baba Sarkin_Kyamara, ko za ka karanta mini muryar dattijon? Layi takwas ne kawai.

Sarkin_Kyamara:
Ni ba Bagobiri ba ne, kar su ce na ɓata masu harshe. Nemi wancan mai cika baki na Sabon Birni.

Bagobirin_Asali:
Turo layukan in gani. Amma sai na ƙirga tsagen da idona kahin in buɗe baki.